Kazar ta dahu, salak ɗin ne bai ga wuta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a aka yanka mana kaza a gida, na gyara ta, na tafasa, na soya ta yi ƙaras. Na haɗa da shinkafa da salak na latas, kokwamba, tumatir da albasa. Ranar Litinin yarana biyu da maigida suka tashi da murɗawar ciki da zazzaɓi da gudawa. Surukata da muka ci tare lafiyarta lau, ita dai ba ta cin salak. Kuma wallahi na wanke ganyen da ruwan gishiri. Ta ina abin ya shigo, kuma yaya zan kiyaye gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaran da maigida lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ki zargi tukunyarki. Naman da ya tafasa har tsakiyarsa ya kai digiri 75 na ma'aunin Salshiyos, ƙwayoyin cutar da ke sa irin wannan gudawar ba sa tsira a cikinsa, balle kuma an ƙara masa da suya. Inda hankalina ya fi karkata shi ne abin da ya bar jikin kazar tun tana ɗanya, kafin ta shiga tukunya, ya sauka a kan ganyen da ba zai taɓa ganin wuta ba. Gwajin bayan gida a asibiti ne ke tabbatar da ko wace ƙwayar cuta ce, amma kwana ukun da aka yi tsakanin cin abincin da fara ciwon ya yi daidai da halin wata ƙwaya da ake kira Kamfilobakta. Tana zaune a hanjin kaji ba tare da ta sa musu ciwo ba, shi ya sa kazar da kika gani da ƙoshin lafiya tana tsattsage a tsakar gida za ta iya ɗauke da ita. Idan ta shiga cikin mutum takan yi kwana 2 zuwa 5 kafin ta bayyana. Wannan jinkirin ne ke sa mutane su ɗora laifin a kan abincin daren jiya, alhali ɓarnar tun kwana uku baya aka yi ta. 'Yar'uwarta Salmonela, wadda ita ma ake samu a kaji da ƙwai da naman dabbobi, ta fi gaggawa, sau da yawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu ciwon ya tashi. Idan ke kin ci salak ɗin kuma ba abin da ya same ki, wannan bai wanke shi ba. Ba kowane cokali ne ke ɗauke da adadi ɗaya ba, kuma jikin babba ya fi na yaro juriya.

Abin da ke sa lamarin nan ya yi wa masu tsafta wuyar yarda shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata. Ƙwayar Kamfilobakta kamar 500 ta isa ta kwantar da mutum, kuma ɗigo ɗaya na ruwan ɗanyar kaza zai iya ɗaukar adadin nan. Ba ta da wari, ba ta canza kalar ganye, ba ta sa tumatir ya yi tsami. Wuƙar da aka ɗauraye ta yi ƙyalli za ta iya kasancewa da ita.

Bari mu bi sawun kazar nan tun daga yanka, kamar yadda aka saba yi a gidajenmu, ki duba inda ya yi kama da naki.

An yanka, an tsoma ta a ruwan zafi, an fige. Mutane da dama suna ɗauka ruwan zafin nan ya kashe komai, amma kafin a gama figa ya huce, ya koma ruwan ɗumi mai gashi da jini da kashin kaza, kuma hannu biyu a cikinsa suke. Sai fiɗa. Nan ne babbar mahaɗar, domin a hanji ƙwayoyin suka fi yawa. Da zarar bakin wuƙa ya huda hanji, ko aka tsaga ƙundu aka zazzage abin da ke ciki a kan tiren da naman yake, to komai ya samu rabonsa: naman, tiren, wuƙar har ƙotarta, da ƙarƙashin farce. Uwargida tana kula sosai kada matsarmama ta fashe, saboda ɗacinta harshe zai ji. Fashewar hanji kuwa ba a damu da ita ba, ana cewa ai za a wanke.

Yanzu hannu ya ɓaci, ana son ruwa. Sai a ɗauki moɗa a tsoma a randa ko a bokiti, ko a murɗa kan famfo. An ɗauraye hannu da ruwa zalla, an goge a gefen zane ko a tsumman da ke rataye a ƙofar kicin. Waya ta yi ƙara, an ɗauka. An buɗe robar gishiri an ɗebi kaɗan da yatsu an barbaɗa wa naman. Nama ya hau wuta, hankali ya kwanta, sai a juyo kan salak. Robar da aka wanke kazar a ciki ita ce mafi kusa, sai a watsa mata ruwa a zubar, a cika ta, a zuba latas. Wuƙa mai kaifi a gidan ɗaya ce, ita ce dai ta ɗazu. A ɗauraye ta, a yanka kokwamba a kan tiren nan ko katakon nan. Ga hanya ta kai biyar ko shida, kuma guda ɗaya ta wadatar.

Akwai wani gwaji da nake sa mata su yi idan muna koyar da tsaftar abinci, ke ma ki gwada shi sau ɗaya. A kwaɓa garin kurkum da ɗan mai a shafe jikin kazar da shi kafin a fara gyara, sannan a ci gaba da aiki yadda aka saba, ba tare da an canza komai ba. In an gama sai a zagaya ana neman rawaya. Wata baiwar Allah da ta yi gwajin a gabana, mace mai tsafta wadda kicin ɗinta kamar ka ci abinci a ƙasa, ta sami rawayar a marfin firji, a hannun buta, a bakin mayafinta inda ta gyara shi, a ashana, da kuma a kumatun ɗanta da ya zo yana kuka ta lallashe shi. Ta daɗe tana kallon kumatun yaron ba ta ce komai ba. Kurkum ana ganinsa, shi ne kawai bambancinsa da abin da muke magana a kai.

Game da ruwan gishirin da kika dogara da shi, yana da amfaninsa: yana taimakawa wajen fitar da ƙasa da tsutsa da ƙananan ƙwari daga ganye. Amma gishirin da ake zubawa a ruwan wanke latas, na 'yan mintoci, ba ya kashe waɗannan ƙwayoyin. Ruwan khal da lemon tsami suna rage su, ba sa gamawa da su. Ganyen latas yana da lunguna da ƙananan ƙofofi, kuma duk inda aka yanka ko ya karye ƙwayar tana maƙalewa ta yadda ɗauraya ba ta fitar da ita duka. Saboda haka ganyen da ruwan ɗanyen nama ya taɓa, hanya biyu ce gare shi: ko ya shiga tukunya ya dahu, ko ya tafi bola. Kabeji da karas da albasa za su iya komawa miya ko dafa-duka. Latas da kokwamba kuwa a haƙura da su. Kuma idan a robar kazar aka yi wankin, to a wurin wankin ne ma aka shafa masa cutar.

To, mafita. Idan abu ɗaya za ki riƙe daga duk bayanin nan, ki riƙe jerin aiki: duk abin da za a ci ɗanye a gama shi tukuna, kafin a taɓa nama. Ki wanke hannu, ki wanke ganye, ki yanka, ki zuba a kwano mai murfi, ki kai shi firji ko wani ɗaki, sannan a kawo kaza. Wannan ba ya cin ko kwabo, ba ya bukatar sabon kaya, kuma yana aiki ko da wuƙarki ɗaya ce, katakonki ɗaya. Daga ganye zuwa nama ba a jin tsoro, domin wuta na gaba. Daga nama zuwa ganye ne babu mai ceto. Na san dalilin da ya sa ake fara da nama, shi ne mai cin lokaci a wuta, kuma ana son salak ya zo sabo. Idan babu firji kuma abincin sai bayan awanni, to ki wanke ganyen ki tsane shi ki rufe ba tare da kin yanka ba, ki ware masa wuƙarsa da farantinsa tun kafin ki taɓa nama, ki yanka daf da zuba abinci bayan kin wanke hannu da sabulu. Dalilin kada a yanka da wuri shi ne Salmonela tana hayayyafa a kan yankakken tumatir da ganye idan suka zauna cikin zafi. A yanayin da ya fi yi mata daɗi takan ninka kanta duk bayan minti 20, wato 100 za su iya haura 400,000 cikin awa 4. A kan ganye ba ta kai wannan saurin ba, amma zafin watan Afrilu yana taimaka mata ƙwarai. Yankakken salak kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi awa 1.

Bayan jerin aiki sai raba kaya. Ba sai kin sayi katakai masu launi-launi irin na otal ba. Roba ɗaya mai kalar da ba ta da irinta a gidan, wuƙa ɗaya da aka ɗaura wa zare ko aka yi wa alama a ƙota, da tire ko katako ɗaya, a ce waɗannan na nama ne, kowa a gidan ya sani har 'yar aiki da 'yammatan da ke taya ki. Ana yawan tambayata ko katakon itace ya fi na roba. A ganina wannan muhawarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Abin dubawa shi ne fuskar katakon. Ki goga farce a kai: idan yana sarƙewa a zurfafan sawun wuƙa, ko itacen ya tsage, ko sawun ya yi baƙi, soso ba ya isa can ciki, lokacin canji ya yi. Haka wuƙa mai ƙotar itace da ta yi sako-sako, wadda ruwa ke shiga tsakanin ƙarfe da itacen. A nan jini ke kwana.

Yanzu maganar wanke kaza. A Birtaniya da Amurka hukumomin abinci suna cewa kada a wanke ɗanyar kaza sam, domin ruwan famfo yana fantsama daga jikinta ya watsu a kewaye, har nisan kusan santimita 50. Shawarar ta dace da kazar da aka saya a gyare cikin leda. Wadda aka yanka a tsakar gida, da jini da ragowar gashi da dattin ciki, dole a wanke ta, kuma ba zan ce miki ki bari ba. Sai dai a san dalilin wankin: don cire datti ne, ba ya cire ƙwayar cuta, wuta ce ke wannan aikin. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar da wani bincike a 2019, inda aka sa mutane su dafa kaza su haɗa salak ana lura da su. Cikin waɗanda suka wanke kazar, kashi 26 cikin 100 an sami ƙwayar jikin kazar a latas ɗinsu. Cikin waɗanda ba su wanke ba, kashi 31 cikin 100 ne. Abin da na fahimta daga wannan shi ne barin wankin kaɗai ba ya tsirar da kowa, matuƙar hannu da wurin wanke-wanke da kayan aiki ba su tsarkaka ba. Don haka ki wanke kazarki, amma a robar nama, a ƙasa, can bakin rariya, nesa da kwanukan da aka kife da kayan miya. A tsoma a cuɗa a hankali, kada a sakar mata famfo da ƙarfi. Zai fi kyau wani ya riƙa zuba miki ruwa da buta, ke kuma hannunki bai taɓa butar ba. Ruwan wankin a tsiyaye shi a rariya, kada a watsa shi a tsakar gida inda yaro ke rarrafe.

Da nama ya shiga tukunya, kafin ki taɓa komai, sai wankin hannu na gaske: sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20, bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a cire zobe da awarwaro tun farko. Daƙiƙa 20 ta fi yadda ake zato tsawo, ki duba agogo sau ɗaya ki gani. Kayan nama kuma aikinsu mataki biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. A fara wankewa da omo ko sabulun wanke-wanke da ruwan zafi har maiƙo ya fita, domin maiƙo yana kare ƙwayar cuta daga maganin da za a zuba. Sannan a kashe abin da ya rage, ko dai a kwarara musu tafasasshen ruwa, ko a jiƙa su a ruwan bilic: cokalin cin abinci 1 a lita 4 na ruwa idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ne, cokali 2 idan mai kashi 3.5 ne, adadin yana rubuce a jikin robar. A bar su minti 2 ko fiye, a ɗauraye, a kife su a rana su bushe. A haɗa sabon ruwan bilic duk ranar da za a yi aiki, kuma kada a taɓa gauraya shi da ruwan khal ko wani maganin wanki, hayaƙin da ke fitowa yana illa ga huhu.

Bushewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Kamfilobakta ba ta jure bushewa, danshi ne ke raya ta. Shi ya sa nake tsoron soso da tsumma fiye da katako. Soson da ya wanke robar kaza, ya koma cikin ruwan kumfar nan da ake ta amfani da shi tun safe, shi zai wanke farantin salak da kofin yaro. Ki bar kayan nama su zama na ƙarshe a wanke-wanke, da sosonsu daban. Tsumman kicin kuma a tafasa shi a shanya, kada a kwana da shi a jiƙe.

Tun a kasuwa ma abin yake farawa. Ledar nama tana yoyo, a jefa ta cikin jaka ɗaya da latas da tumatir, a hau adaidaita ana girgiza su har gida. A ninka wa nama leda, a riƙe shi daban. A firji, nama a kwano mai murfi a can ƙasa, abin da za a ci ɗanye a sama, don ɗiga ƙasa yake yi. Ƙanƙara ba ta kashe Salmonela, kwantar da ita kawai take yi. Idan an ɗauke wuta naman firiza ya saki, jan ruwan da ya taru a ƙasa na ɗanyen nama ne, kuma duk ƙullin zoɓo ko ruwan leda da ya kwanta a ciki, bakin yaro zai je kansa. Sai kuma kuskuren ƙarshe da nake gani ko a wurin ƙwararrun masu girki: a kwashe soyayyen nama a mayar da shi tiren da ya zauna yana ɗanye.

Duk wannan ya shafi naman sa da na rago, musamman ranar layya, lokacin da ake wanke tumbi da hanji a baho, wuƙaƙe suna yawo hannu zuwa hannu, kuma ana yanka ɗanyar albasa da tumatir da kabeji don a ci da gasasshiyar hanta. Hanjin shanu da tumaki yakan ɗauki wani nau'in ƙwayar cutar da ake kira Ikolai wanda ƙasa da ƙwaya 100 ke isa ya sa gudawar jini, kuma a wasu yara yakan taɓa ƙoda. A irin ranar nan a ware mutum ɗaya da ba zai taɓa nama ba sam, shi ne mai albasa. Haka kwaɗon zogale ko na rama: ganyen ya dahu, amma albasar da tumatirin ɗanyu ne, kuma da hannu ake cakuɗawa.

Su kuma marasa lafiyar, abin da ya fi gaggawa shi ne mayar da ruwan da jiki ke zubarwa. A ba su ruwan gishiri da sukari na ƙulli da ake sayarwa a kemis, a haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara a ƙara musu ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba su abinci da nono. Yawanci ciwon yakan lafa cikin mako guda. Kada a ce taifot ne a je a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ba. Ƙwayar taifot daga mutum take zuwa mutum ta ruwa ko abinci, kaza ba ta ɗauke da ita. Kada kuma a ba yara maganin tsayar da gudawa. Idan kika ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka, ko yaro yana amayar da duk abin da ya sha, idanunsa sun faɗa, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, ko ya yi laushi ba ya son motsi, a tafi asibiti a ranar, kuma ki faɗa wa likita abin da aka ci ranar Juma'a. Ki kuma lura da surukarki da kanki a kwanakin nan: duk wanda ya wanke wa yaro bayan gida ya wanke hannu da sabulu kafin ya koma kicin, domin ta nan ma ciwon yakan zagayo ga waɗanda ba su ci salak ɗin ba.